Mutum biyar sun yi kunnen doki, kujera biyu ta rage: wa za a kira ganawa?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ce shugabar kwamitin ɗaukar ma'aikata a wata makarantar kuɗi a Zariya. Akanta ɗaya muke nema, kuma mun yanke mutum shida za mu kira ganawa. Huɗu sun wuce ba gardama, amma mutum biyar duk sun samu maki 14 cikin 20, ga shi kujera biyu kaɗai ta rage. Wani ɗan kwamiti ya ce a ɗauki waɗanda suka fi shekarun aiki, wani ya ce a ɗauki 'yan gari. Yaya za mu yi ba tare da mun zalunci kowa ba?" — Wata mai karatu daga Zariya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarata ta farko ita ce ku rufe fayil ɗin mutanen nan biyar, ku cire sunayensu daga takardar maki, ku maye gurbin kowane suna da lamba, sannan ku ci gaba da magana. Muddin sunaye suna gabanku, duk ƙa'idar da wani zai kawo, sauran za su riƙa lissafi a zuci suna duba wa za ta ɗaga, wa za ta kayar, ko da kowa da zuciya ɗaya yake. A zaman kwamitocin da na yi, na lura mutumin kirki ma yakan fara son wani ɗan takara, sannan ya nemo ƙa'idar da za ta dace da shi, ba tare da ya san abin da yake yi ba. Ƙa'idar raba gardama ta adalci sharuɗɗa uku gare ta: daga aikin kansa aka ciro ta, an tsayar da ita kafin a san wanda za ta amfana, kuma an auna duk waɗanda suka yi kunnen doki da ita, ba biyu daga cikinsu ba.

A fara tabbatar da cewa kunnen dokin na gaske ne

Kada abin ya ba ku mamaki. Idan ma'auni huɗu kuka yi amfani da su, kowanne daga 0 zuwa 5, to a takarda akwai jimla 21 da mutum zai iya samu. A aikace kuwa masu ba da maki ba su cika ba da 0 ko 1 ba, suna kuma rowar 5, sai yawancin masu neman aikin su cunkushe tsakanin 12 da 16. Mutane da yawa a kan lambobi biyar, dole a yi karo, kuma a tsakiya ake yin karon, daidai inda layin yankewa yake faɗawa.

Saboda haka ku koma kan takardun makin da kowane ɗan kwamiti ya cike da hannunsa. Ku sake tarawa, domin kuskuren lissafi ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Sai ku duba ko an cike adadi zuwa lamba zagayayya. Idan ku uku ne kuka ba da maki, jimlar kowa cikin 60 take. Wanda ya samu 41 matsakaicinsa 13.67 ne, wanda ya samu 43 nasa 14.33 ne, amma idan aka zagaye su duka 14 za a rubuta. Wannan ba kunnen doki ba ne, alƙalami ne ya haɗa su. Sai dai ina jan hankali a nan: ratar maki ɗaya cikin 60 ba ta nuna wani ya fi wani da gaske, don tana iya zama gajiyar mai ba da maki ce bayan la'asar. Abin da ya fi amfani shi ne ku nemo inda kuka yi nisa da juna. Idan ke kin ba mutum 5 a wani ma'auni, abokin aikinki ya ba shi 2, to ɗayanku ya ga abin da ɗayan bai gani ba. Ku buɗe takardar, kowa ya nuna layin da ya dogara da shi, ku gyara makin bisa hujja. A yi wa duka biyar ɗin haka. Sau da yawa a nan gardamar take ƙarewa.

Akwai kuma tambayar da ake mantawa da ita: wa ya ce lallai shida ne? Idan ku kuka yanka wa kanku adadin don sauƙin aiki, ƙarin kujera ɗaya minti arba'in ne na ganawa. Ba zan ce ku kira duka tara ba, domin kwamitin da ya gaji ba ya yi wa na ƙarshe adalci, kuma wasu za su kashe kuɗin mota daga nesa. Amma ku riƙe kujera ta bakwai a hannu, za ki ga amfaninta nan gaba kaɗan.

Ma'aunin da ya fi nauyi a aikin

Ba ki faɗi ma'aunanku ba, don haka bari in ɗauki waɗanda aka saba da su a aikin akantan makaranta: daidaita littafin kuɗi da takardar bayanan banki, aiki da Excel, lissafin albashi da cire haraji da fansho, sai mu'amala da iyaye masu biyan kuɗin makaranta. Mu ce bisa wannan jerin mai lamba 17 ya samu 5, 3, 3, 3. Mai lamba 23 ya samu 4, 4, 3, 3. Mai lamba 41 ya samu 4, 3, 4, 3. Mai lamba 58 ya samu 3, 4, 3, 4. Mai lamba 66 kuma 2, 4, 3, 5. Kowa 14, amma ba mutum iri ɗaya ba ne. Jimla ce ta ɓoye bambancin, saboda ta ɗauka duk ma'aunan nauyinsu ɗaya, alhali ba haka aikin yake ba.

Tambayar da za ku yi wa kanku ita ce: a cikin waɗannan huɗu, wanne ne idan akanta ya gaza a kansa makaranta za ta ji a jikinta tun zangon farko, kuma ba a iya koya masa cikin mako biyu? A makarantar da iyaye ke tura kuɗi ta banki, wasu da sunan yaro, wasu da sunan kawu, wasu rabi-rabi, amsar ita ce daidaita littafi da banki. Akantan da bai iya wannan ba zai sa a kori yaron da aka riga aka biya wa, ko a bar kuɗi suna zurarewa ba wanda ya sani. To a jera mutum biyar ɗin bisa wannan ma'auni kaɗai. Mai lamba 17 ya shiga da makinsa 5. Masu lamba 58 da 66 sun sauka. Masu lamba 23 da 41 suna da 4 kowanne, kujera ɗaya ta rage.

A nan ne nake so ki tsaya ki duba da kyau. Idan kuka ce ma'auni na biyu a nauyi shi ne Excel, mai lamba 23 ne ya shiga. Idan kuka ce albashi ne, mai lamba 41 ne ya shiga. Dukansu biyu suna da alaƙa da aikin, dukansu ana iya kare su da baki. Ma'ana duk wanda ya zaɓi ma'auni na biyu bayan ya ga makin, mutum ya zaɓa, ba ma'auni ba. Shi ya sa alaƙa da aiki ita kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da lokacin da aka tsayar da ƙa'idar.

Ku kun riga kun ga makin, to mafita biyu ce. Ta farko, ku duba sanarwar aikin da kuka fitar. Idan ta raba tsakanin abin da ya wajaba da abin da ake so kawai, ko ta jera ayyukan bisa muhimmanci, wannan jeri shi ne alƙalinku, domin an rubuta shi tun ba a san kowa ba, kuma shi masu neman aikin suka karanta. Ta biyu, idan sanarwar ba ta yi haka ba, ku miƙa ma'aunan huɗu ga wanda ya san aikin amma bai ga maki ko suna ba, kamar mai binciken kuɗin makarantar ko akantan da zai bar kujerar, matuƙar ba shi da ɗan takara a ciki. Ya jera su daga na ɗaya zuwa na huɗu, ya sa hannu da kwanan wata, ku bi abin da ya rubuta ko ya yi muku daɗi ko bai yi ba. Idan makin yana cikin Excel, a Sort za ki fara da jimla, ki danna Add Level ki sa ma'auni na farko, ki sake dannawa ki sa na biyu, a kowanne ki zaɓi Largest to Smallest a ƙarƙashin Order, jeren zai fito da kansa. Ni kuwa da a ce ni ne a kujerarki, mutum biyu ne kaɗai suka rage a kan kujera ɗaya, a nan zan fito da kujera ta bakwai in kira su duka.

Shawarwari biyun da aka kawo miki

Shekarun aiki suna da farin jini saboda lamba ce, kuma lamba tana kama da adalci. Matsala ta farko, kun riga kun auna gogewa a cikin makin nan, ƙirga ta kuma ninka ta ne sau biyu. Ta biyu, shekaru suna faɗin tsawon zama ne, ba abin da aka yi a zaman ba. Wanda ya yi shekara goma yana rubuta rasit a taga, wani ne ke daidaita littafi, bai kai wadda ta yi shekara uku ita kaɗai ke rufe lissafin wata-wata ba. Ta uku, ƙa'idar tana cutar da wasu ba tare da an ambace su ba: matasa, da matan da suka ajiye aiki na wani lokaci saboda haihuwa da reno. Idan kuna son gogewa ta raba gardama, ku tambayi abu takamaimai, misali wa ya taɓa rufe lissafin ƙarshen shekara ya miƙa wa mai bincike. Amma shi ma sai in yana cikin sanarwar, kuma kowa ya samu damar faɗa.

Batun ɗan gari ya fi nauyi. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda al'ummarsa, ƙabilarsa, inda ya fito, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Lafazin sashen ya fi fuskantar dokoki da ayyukan gwamnati, amma Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana wariya wajen ɗaukar aiki, a 2002, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da hurumin aiki da irin waɗannan yarjejeniyoyi. Rabon gurabe bisa jihohi da aka sani ya samo tushe ne daga sashe na 14(3), Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ke kula da shi, kuma na hukumomin gwamnati ne. Haka kashi 5 cikin 100 da dokar kare masu buƙata ta musamman ta 2018 ta ambata, ma'aikatun gwamnati ta ɗora wa. Makarantar kuɗi ba ta da wannan mafaka ta cewa doka ce ta sa ta fifita ɗan gari.

Ki tambayi wanda ya kawo shawarar me yake tsoro. Idan tsoronsa shi ne baƙo ba zai iya magana da iyaye ba, to jin Hausa ne sharaɗin, kuma ana gwada shi a ganawa. Ɗan Enugu da aka haifa a Sabon Gari zai iya cinyewa. Idan tsoronsa shi ne mutum zai riƙa makara ko ya gudu bayan wata uku, a tambayi kowa ko zai iya kasancewa a ofis ƙarfe bakwai da rabi, da ranar da zai iya fara aiki. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ba ta amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ko a ƙasashen da doka ta yarda a fifita wani rukuni idan an yi kunnen doki, an tsananta sharaɗin. A Birtaniya sashe na 159 na dokar daidaito ta 2010 ya ba mai ɗaukar aiki damar zaɓar wanda ya fito daga rukunin da ke da ƙarancin wakilci, amma sai idan cancantarsu ɗaya. A 2019 wata kotun ma'aikata ta samu rundunar 'yan sandan Cheshire da laifi, saboda ta ɗauki mutum 127 da suka tsallake ganawa a matsayin masu cancanta ɗaya, sannan ta zaɓa bisa rukuni. Kotun ba ta yarda cewa duk wanda ya haye layi ya zama daidai da sauran ba.

Sauran abubuwan da ake kawowa a irin wannan zama ba sa buƙatar dogon bayani. Wanda ya riga turo takarda, saurin samun labari da data ya nuna. Darajar digiri, idan sanarwa ba ta nemi ta ba, ba ta da hurumi yanzu. Aure, shekarun haihuwa da hoton fasfo babu ruwansu da littafin kuɗi. Wanda wani babba ya bugo waya a kansa kuwa, a rubuta cewa an bugo, a ajiye, kuma ɗan kwamitin da ke da dangantaka da ɗaya daga cikin biyar ɗin ya fita daga wannan zaman.

Idan takarda ta gaza, a ba su aikin su yi

Wani lokaci ma'aunan duka sukan zo daidai, ko ku ji ba ku natsu da yanke hukunci a kan abin da mutum ya rubuta game da kansa ba. To gajeren gwajin aiki shi ne hanyar da na fi yarda da ita, domin sabon bayani yake kawowa. Ku shirya takardar banki ta ƙirƙira mai layi kamar 25 da shafin littafin kuɗi na wata guda, ku dasa bambanci uku. Ɗaya cajin banki da ba a shigar a littafi ba. Ɗaya cek da aka rubuta wa mai kawo littattafai amma bai kai banki ba tukuna. Ɗaya kuma juyin lamba, inda banki ya nuna naira 45,600 aka rubuta 46,500 a littafi. Ratar 900 ce, kuma gogaggen akanta da ya ga rata tana rabuwa da 9 zai fara zargin an juya lambobi. Minti talatin sun isa.

A rubuta amsa da rabon maki kafin kowa ya zauna, misali maki 2 ga kowane bambanci da aka gano, maki 4 ga wanda ya sa lissafin littafi da na banki suka haɗu. Duka biyar su yi gwaji ɗaya, rana ɗaya, da sanarwa ta aƙalla kwana uku, kuma lamba za su rubuta a takardar, ba suna ba. Wanda ke da larurar gani ko ta hannu a ba shi manyan haruffa ko ƙarin lokaci. Kada ku yi amfani da ainihin bayanan kuɗin makarantar, don akwai sunayen iyaye a ciki. Alamar cewa gwajin bai yi ba ita ce kowa ya cinye ko kowa ya faɗi, don haka ku fara ba wani akanta da kuka sani ya gwada. Iyakar wannan hanya ita ce tana cin mako guda, kuma tana auna abu ɗaya ne kawai. Ba ta faɗin amana, wadda sai an tuntuɓi wuraren da mutum ya yi aiki, kuma wannan matakin bayan ganawa yake zuwa.

Ƙuri'a

Idan an bi duk wannan har yanzu mutum biyu suna kafaɗa da kafaɗa, a yi ƙuri'a. Wasu kwamitoci suna jin kunyarta, suna ganin kamar sun kasa aikinsu ne, sai su ƙirƙiro wani dalili marar tushe don a ce sun yi nazari. Wannan ya fi ƙuri'a muni, domin son rai ne aka lulluɓe. Ƙuri'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya nuna cewa da mutane sun san falalar kiran salla da sahun farko, sannan ba su samu hanya ba sai ta ƙuri'a, da sun yi ta. Wato inda haƙƙi ya zo ɗaya, wuri kuma ya yi kaɗan. A yau ma hukumar ba da tallafin binciken kimiyya ta Suwizalan tana yin ƙuri'a tsakanin buƙatun da masana suka kasa bambancewa a bakin layi.

A rubuta lambobin a takardu masu girma ɗaya, a naɗe, wanda ba ɗan kwamiti ba ya zaro a gaban kowa, sau ɗaya tak. A zaro duka har ƙarshe domin a samu jerin masu jiran gado. Na fi son takarda a kan `=RAND()` na Excel, saboda lambobinsa suna sauyawa duk lokacin da aka taɓa shafin, kuma ba mai iya tabbatar da cewa ba a yi ta maimaitawa ba har sakamakon da ake so ya fito. A tuna kuma ƙuri'ar nan ta kujerar ganawa ce kawai. Ba da ita za a ba da aikin ba.

Duk hanyar da kuka bi, ku rubuta shafi ɗaya a ranar: lambobin mutum biyar, makinsu dalla-dalla, ƙa'idar da aka bi, wanda ya tsayar da ita da lokacin, sakamakon, da sa hannun kowa. A ajiye shi tare da takardun makin na asali a wurin da ba kowa ke buɗewa ba. Waɗanda ba su shiga ba kada a sallame su tukuna, domin kusan kullum wani cikin waɗanda aka gayyata yakan ce ya samu wani aikin, sai na gaba a jeri ya hau ba tare da sabon zama ba. Idan ɗayansu ya nemi bayani, a gaya masa gaskiya: makinsa ya zo daidai da na wasu, an raba da ma'auni kaza, ga abin da ya samu a kai, ba tare da an faɗa masa makin kowa ba.

Kafin ku fitar da sanarwar aiki ta gaba, Hajiya, ku ƙara jimla biyu a takardar kwamiti: "Idan an yi kunnen doki a bakin layi, za a fifita wanda ya fi maki a ma'auni na ɗaya, sannan na biyu, sannan na uku. Idan har yanzu ba a rabu ba, za a kira su duka matuƙar ba su ƙara fiye da kujera ɗaya ba, in ba haka ba a yi gwajin aiki, sannan ƙuri'a." Ku kuma ninka makin ma'aunin da ya fi nauyi sau biyu tun farko. Da an yi haka a misalinmu, jimlar za ta koma cikin 25: mai lamba 17 ya samu 19, masu lamba 23 da 41 su samu 18, mai lamba 58 ya samu 17, mai lamba 66 kuma 16, gardamar mutum biyar ta dawo ta mutum biyu.